Ido Ba Mudu Ba: Yadda Ake Auna Tabon Yoyo a Silin Daga Hoton Waya

A tsakiyar watan Agusta, lokacin da ruwan marka ya kwana biyu bai ɗauke ba, ƙanena ya turo mini hoto daga gidanmu na Zariya. Silin falon mahaifiyarmu ne, farin fiyofi, ga wani tabo ruwan ƙasa ya baje a kansa kamar an zubar da shayi a kan farar shadda. Ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yaya, ga abin da ruwan jiya ya yi. Hajiya ta ce a gaya maka. Nawa za ka turo?"

Na daɗe ina kallon hoton. Na ja shi da yatsa ya ƙara girma, na mayar da shi ya ƙanƙance, amma na kasa sanin ko tabon nan girman faifai ne ko girman tabarma. Babu bango a hoton, babu ƙwan lantarki, babu komai sai fari da ruwan ƙasa. Na tura wa wani mai aikin fiyofi da na sani, ya ce buhu huɗu. Na tura wa wani, ya ce rabin buhu ya isa. Dukansu ba ƙarya suke yi ba, kowa ya ƙiyasta girman da ransa ya ba shi ne. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, kuma gaskiya ne in kana tsaye a ɗakin. A cikin hoto kuwa ido ya rasa abin da zai jingina da shi, sai ya shiga kame-kame.

Dalilin mai sauƙi ne. Hoto ba ya ɗauke da girman abu, siffarsa kawai yake ɗauka. Ƙaramin tabo da aka ɗauka daga kusa da babban tabo da aka ɗauka daga nesa suna iya cika allon waya daidai wa daida. Saboda haka aikin farko shi ne a sa wani abu da aka san girmansa a cikin hoton, ya zama ma'auni. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a nan mutane suka fi tuntuɓe: dole ma'aunin ya kasance manne da silin, kafaɗa da kafaɗa da tabon.

Abin da ya fara zuwa ran ƙanena shi ne fanka. Ya ce ai fankar falon mai inci 56 ce, wato daga bakin wannan fiffike zuwa iyakar da'irar da take zanawa a ɗaya ɓangaren mita 1.42 ne, sai ya ɗauko hoton da ita a gwada. Dabara ce mai kyau a baki, amma fanka ba a jikin silin take ba, tana rataye ne ƙasa da shi da kamar santimita 30. A ce tsayin ɗakin mita 3 ne, mai ɗaukar hoto yana tsaye ya riƙe waya daidai fuskarsa. Tsakanin wayar da silin mita 1.5 ke nan, tsakaninta da fanka kuwa mita 1.2. Fankar za ta fito a hoto da girman da ya zarce na gaskiya da rubu'i guda, don ta fi kusa. In ka auna tabo da ita, tsawonsa zai ragu da kashi 20 cikin ɗari, faɗinsa ma haka. Da yake girman fili tsawo ne sau faɗi, asarar ta haɗu ta zama kashi 36 cikin ɗari. Tabon da ya kai murabba'in mita ɗaya zai fito maka a matsayin kusan kashi biyu bisa uku na haka. Irin wannan matsala ce ke tattare da hannu da aka miƙa sama, ko sandar labule, ko saman ƙofa.

Abin da na ce ya yi shi ne ya samo farar takardar fotokwafi, wadda ake kira A4. Girmanta ɗaya ne ko'ina ka saye ta: santimita 21 a faɗi, santimita 29.7 a tsawo. Ya hau tebur ya liƙa ta da salatef a gefen tabon, a busasshen wuri, ta kwanta sosai ba tare da ta yi ciki ba. Da yake farar takarda a kan farin silin ɓacewa take yi, ya bi gefunanta huɗu da baƙar maka kafin ya liƙa. Kafin ya hau kuwa na sa ya kashe wutar falon daga babban makunni, domin tabon ya kusa kai wa gindin fanka, kuma ruwa da wayar lantarki ba sa ga maciji.

Sai maganar inda za a tsaya. Hoton farko daga bakin ƙofa aka ɗauke shi, an karkata wayar sama. Ɗauki faifai ka riƙe shi a gabanka, za ka ga da'ira. Karkata shi, sai ya koma siffar ƙwai. Ci gaba da karkatawa, ya zama kamar tsinke. Haka tabo yake yi wa wanda ya hange shi daga gefe: in karkatar ta kai digiri 60, tsawon da ya miƙe gabanka zai ragu zuwa rabi, sannan ɓangaren da ke kusa da kai zai kumbura, na nesa ya tsuke. Hoton awo daga ƙarƙashin tsakiyar tabo ake ɗaukarsa, waya tana kallon sama sak.

Hannun mutum ba ya iya riƙe waya a kwance daidai, musamman in ya ɗaga kai yana gantsarewa. Hanyar da ta fi ita ce a bar daɓen ɗaki ya yi aikin. A saita agogon kyamara a kan daƙiƙa 10, a danna, a kifa wayar a ƙasa a kan tsumma, allonta yana ƙasa idon kyamara yana sama, sannan a matsa gefe. Daɓe da silin a jere suke, don haka karkata ta kau. Nisan ma ya ninka ya zama mita 3, silin da yawa zai shiga hoton. A duba kuma cewa kyamarar tana kan 1x. Wanda aka rubuta 0.5x yana kwaso wuri mai faɗi, amma yana jan abin da ke gefunan hoto yana lanƙwasa shi, bai dace da awo ba. Kada a kunna fitilar kyamara, domin haskenta yana wanke gefen tabon nan mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, wanda sau da yawa shi ne iyakar gaskiya. Hasken taga da hantsi ya wadatar. In za a turo ta WhatsApp, a turo shi a matsayin Document, don kada a matse hoton gefunan tabon su dushe.

Lissafin da aka yi a kan tebur

Da hoto na biyu ya iso, na kai shi shagon buga takardu aka fitar mini da shi a cikakkiyar takarda. Ana iya awon a kan allon kwamfuta ko na waya, amma allon waya ya yi ƙanƙanta, kuma yatsa na taɓa shi girman hoton ya canja, duk awon da ka yi a baya ya tashi a banza. Takarda ba ta motsi.

Na ɗora rula a kan takardar A4 da ke cikin hoton, dogon gefenta ya ba ni santimita 2 daidai. A zahiri santimita 29.7 ce. In ka raba 29.7 gida biyu ka sami 14.85, na cike shi ya zama 15 don sauƙin lissafi. Ma'anar wannan ita ce kowace santimita ɗaya a takardar da ke gabana tana wakiltar santimita 15 a silin Hajiya. Na auna gajeren gefen ma don tabbatarwa, ya ba ni santimita 1.4, wanda in aka ninka sau 15 ya ba da 21. Da gefe ɗaya ya ba da 15 ɗayan ya ba da 18 ko 20, da na san wayar ta karkata, sai a sake hoto. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma shi ne kaɗai hanyar da na nesa zai san ko hoton da aka turo masa abin dogaro ne.

Tabon a takarda ya kai santimita 11 a inda ya fi tsawo, santimita 7 a inda ya fi faɗi. Sau 15, ya zama santimita 165 da santimita 105. Wato ya kusa tsawon mutum, faɗinsa kuma ya ɗan haura mita. Ba faifai ba ne, tabarma ce.

In ka zana akwati mai kusurwa huɗu ya kewaye tabon, girmansa mita 1.65 sau mita 1.05, wato murabba'in mita 1.73. Amma tabo bai cika akwatin ba, kusurwoyin huɗu fari ne tas. Yawancin tabon yoyo siffar ƙwai gare su, domin ruwa yana sauka a wuri guda ne ya bazu kewaye. Siffar ƙwai kuwa tana cin kimanin kashi 79 cikin ɗari na akwatin da ya kewaye ta. In ka ninka 1.73 da 0.79 za ka sami kusan murabba'in mita 1.37.

Ga tabon da ba shi da siffa, mai ƙafafu nan da can kamar taswirar ƙasa, akwai hanyar da ta fi wannan. Da fensir da rula na zana layuka a kan hoton, tsaye da kwance, tazarar santimita ɗaya-ɗaya, ya zama gida-gida kamar gidajen dara. Kowane gida yana wakiltar santimita 15 sau 15 a silin, wato murabba'in mita 0.0225. Na ƙirga gidajen da tabo ya cika baki ɗaya, na sami 44. Na ƙirga waɗanda gefen tabon ya ratsa ta cikinsu, wasu ya ci kaɗan wasu ya kusa cinyewa, na sami 32. Waɗannan ana ɗaukar rabinsu ne, domin mai yawa yana cike gurbin mai kaɗan. To 44 da 16 sun zama 60, kuma 60 sau 0.0225 ya ba da murabba'in mita 1.35. Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri guda, hankalina ya kwanta.

Wanda ke da kwamfuta yana iya yin wannan da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce kuma masu binciken kimiyya sun daɗe suna auna hotuna da ita. Za ka ja layi a kan takardar, ka shiga Analyze, sannan Set Scale, ka rubuta 29.7, ka zagaye tabon, ka danna Measure. Za ta ba ka amsa mai lambobi rututu bayan ɗigo. Kada lambobin su ruɗe ka. Ingancin amsar bai wuce ingancin ma'aunin ba. A awona, takardar santimita 2 kacal ta fito. Da idona ya kuskure da milimita ɗaya tak, kuskuren kashi 5 cikin ɗari ke nan a tsawo, kusan kashi 10 a girman fili. Don haka gaskiyar magana ita ce tabon yana tsakanin murabba'in mita 1.2 da 1.5. Mai son ya rage wannan tazara sai ya yi amfani da dogon ma'auni, kamar siririn katako da aka yanka mita ɗaya cif aka danna a jikin silin.

Tabo daban, wurin gyara daban

Da na kira mai fiyofin da zai yi aikin na karanta masa 1.35 cike da alfahari, dariya ya yi. Ya ce, "Alhaji, ai abin da ka auna shatin ruwa ne. Ni ba shati nake yankewa ba, ruɓa nake yankewa."

Ya fi ni gaskiya. Layin nan mai duhu da ke kewaye tabo shi ne inda ruwa ya tsaya ya bushe ya bar dattin da ya kwaso: ƙurar cikin rufi, tsatsar kwano da ta ƙusa, da rinin katako. Wannan a fuskar da muke gani ne. A bayan silin, inda ruwan ya fara sauka ya kwanta, jiƙar takan zarce haka. Shi ya sa ake ƙara tazara a kowane gefe, kuma ƙafa ɗaya, wato santimita 30, ƙiyasi ne mai kyau ga wanda bai riga ya taɓa wurin ba. Sannan ba wanda ke yanka silin a siffar ƙwai, a miƙe ake yanka. Saboda haka akwatin nan ne za a koma wa, a ƙara masa 30 hagu da dama, gaba da baya. Tsawo ya tashi daga 165 zuwa 225, faɗi daga 105 zuwa 165. Mita 2.25 sau mita 1.65 ya ba da murabba'in mita 3.7.

Dubi tazarar. Tabon 1.35 ne, wurin gyara 3.7, kusan ninki uku. Wanda ya sayi kaya a kan lambar farko, rana ba za ta yi tsaka ba ma'aikaci zai aiko a ƙaro.

Daga nan lissafin ya rabu biyu, kuma hoto ba zai gaya maka wace hanya za ka bi ba. Sai an sa hannu. Na ce wa ƙanena ya danna wurin da yatsa ko da gindin cokali, daga tsakiyar tabo zuwa waje. Fiyofi mai lafiya yana da tauri, in an ƙwanƙwasa yana amsawa. Wanda ruwa ya ci yana lotsawa, ko ya riƙa zubar da gari, ko fentinsa ya ɗaye kamar ɓawon gyaɗa. Da dare kuma na sa ya kashe fitila ya kwantar da tocila a jikin silin, haske yana bin fuskarsa a kwance. A irin wannan haske duk inda ya kumbura ko ya yi ciki sai ya jefa inuwa, abin da hoton rana ba ya nunawa ko kaɗan.

Da silin ya fito da ƙarfinsa, da aikin na fenti ne kawai. A nan akwai kuskuren da kusan kowane gida an taɓa yi: a sayo fentin ruwa a shafa a kan tabon, ya yi fari, kowa ya yi murna, yana bushewa tabon ya sake leƙowa. A ƙara shafi na biyu da na uku, yana nan. Dalili shi ne dattin da ya yi tabon ruwa ne ya kawo shi, don haka ruwan da ke cikin sabon fenti yana narkar da shi ya jawo shi sama. Maganinsa a bari wurin ya bushe sarai, a goge da samfefa, a fara shafa andakot na mai, wanda ruwa ba ya ratsawa, sannan fentin ruwa ya biyo baya. Shafi biyu a kan murabba'in mita 3.7 ya zama 7.4. Litar andakot ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10, don haka ƙaramin gwangwani mai lita ɗaya ya isa. Ainihin adadin yana rubuce a jikin gwangwanin, a karanta kafin a biya.

Fentin sama kuwa, ko an yanka ko ba a yanka ba, lissafinsa ba ya bin tabo sam. Farin da ya shekara biyar yana shan ƙurar hunturu da hayaƙin turaren wuta ba zai taɓa dacewa da farin da aka buɗe yau ba. In ka shafa wurin gyara kaɗai, ka kori tabo ruwan ƙasa ka kawo farin faci. Silin ɗakin gaba ɗaya ake shafawa. Falon Hajiya ƙafa 12 ne da ƙafa 14, wato mita 3.66 da mita 4.27, murabba'in mita 15.6. Shafi biyu ya zama 31.2. In lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8, ana bukatar lita 3.9. Galan mai lita 4 zai kai da ƙyar, ba ragowar da za a gyara kuskure, kuma sabon fiyofi shan fenti gare shi kamar rairayi. Na sa a lissafi galan biyu.

Namu dai bai tsira ba. Tsakiyarsa ta lotsa, tocila kuma ta nuna ya yi ciki. Sai lissafin garin fiyofi. Ƙiyasin da ake yi shi ne kimanin kilo ɗaya na gari ga kowane murabba'in mita a kaurin milimita ɗaya. In kaurin allon milimita 12 ne, kowane murabba'in mita zai ci kamar kilo 12, wurinmu mai 3.7 kuma zai ci kilo 44 da ɗoriya. Ba a sa na ɗaure allon a jikin katako ba, da na cike haɗi, da wanda zai daskare a roba kafin a kai ga shafawa, domin fiyofi ba ya jiran mai nawa. In buhun mai kilo 40 ne, ɗaya bai isa ba, biyu sun wadatar har da saura. Buhu huɗun mutumin farko ya yi yawa, rabin buhun na biyu ko tsakiyar ramin ba zai rufe ba. A kan wannan sai zaren da ake cuɗawa da garin don ya yi ƙarfi, da ɗan katako tu-bai-tu ko da an tarar na ciki ya ruɓe.

In da silin allo ne

Gidaje da yawa a garuruwanmu ba fiyofi gare su ba, silin allo ne, irin wanda ake kira asbestos, mai ƙafa 4 da ƙafa 4, an bi haɗinsa da siraran katakon batin. Masu irin wannan sun huta da takarda da salatef, domin ma'aunin yana nan a jikin silin. Kowane allo mita 1.22 ne a kowane gefe, murabba'in mita 1.49. Ko daga bakin ƙofa aka ɗauki hoton, layukan batin suna karkata tare da tabon, don haka ƙirga ba ta ɓaci. A dai auna allo ɗaya da tef tukuna, don akwai masu ƙafa 2 da ƙafa 2.

A nan ne girman fili ya fi yaudarar mutum. Tabonmu 1.35 ne, allo ɗaya 1.49, sai lissafin makaranta ya ce allo ɗaya ya isa har da canji. Amma tsawon tabon santimita 165 ne, allo kuwa 122, ba yadda za a yi ya zauna a allo guda. In ya faɗo da sa'a zai ci biyu. In ya hau mahaɗar alluna zai ci huɗu. In ya haye allo guda ya leƙa na gabansa da na bayansa, sannan ya raba ƙafa a layi biyu, shida ke nan. Tabo ɗaya, girma ɗaya, amma daga allo biyu zuwa shida gwargwadon inda ya sauka. Saboda haka a silin allo ba a ninka komai. Ana ƙirga duk allon da tabo ya taɓa, a ƙara ɗaya don wanda zai fashe a hanya ko a bakin ƙusa. Batin ma ƙirga shi ake yi: alluna huɗu a jere biyu-biyu suna da layi uku tsaye da uku kwance, kowanne ƙafa 8, jimla ƙafa 48. In tsawon kowane batin ƙafa 12 ne, guda huɗu ke nan a takarda, amma a sayi biyar ko shida, don yanka yana barin guntaye kuma tsohon batin karyewa yake yi wajen cirewa.

Gargaɗi ɗaya game da tsofaffin allunan nan. Waɗanda ke da asbestos na gaske a cikinsu, ƙurarsu tana shiga huhu ta zauna, tana haddasa cuta mai tsanani bayan shekaru masu yawa. Ba a yanka su da zarto, ba a goge su da samfefa. A jiƙa allon, a cire shi ɗungurungum, a rufe hanci da baki, a fitar da yara daga ɗakin. Wannan ma wani dalili ne na ƙirga allo cikakke maimakon tunanin faci.

Masu dakin kuma su lura da launin tabon. In ja ne irin na tsatsa, yana bin layi a miƙe, ko filasta ta tsage ta fara ɓallewa, ruwa ya kai ga rodin da ke cikin kankare. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa abin da ya lulluɓe shi. Wannan ya wuce awon hoto da galan ɗin fenti, injiniyan gini ake nema ya zo ya duba da idonsa.

Abu na ƙarshe da hoton bai gaya mini ba shi ne inda ruwan ke shigowa. Na ɗauka ramin yana saman tabon daidai. Da kafinta ya hau, kwanon da ke wurin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana can wajen taku uku, a kwaroron da rufi biyu suka haɗu, inda ganyen darbejiya ya taru ya toshe hanya. Ruwa ya cika ya koma ƙarƙashin kwano, ya bi jikin rafta yana gangarowa har ya sami wurin ɗiga. Ashe ma zoben da ke cikin tabon, guda uku wani cikin wani, suna ba da labarin tun farko: kowane zobe jiƙa ɗaya ce da bushewa ɗaya, yoyon ya daɗe, ruwan Agusta ne kawai ya tona shi. Kayan gyaran rufi, ko kwano ne ko ƙusa ko kwalta, ba a ƙiyasta su daga hoton silin.

Bayan an gyara rufin ban bari a taɓa silin nan take ba. Na sa ƙanena ya bi gefen tabon da fensir, ya rubuta kwanan wata a gefe. Aka yi ruwa uku masu ƙarfi a watan Satumba, ya sake kifa wayar a wuri ɗaya ya ɗauka, tabon bai tsallake layin fensir ba. Da ya tsallake, da mun san akwai sauran rami, kuma da duk lambobina sun tsufa. Aikin silin sai a Nuwamba aka yi shi, da iskar hunturu ta busar da katakon ciki. Mai fiyofi ya bi layin katako ya yanka mita 2 da mita 1.6, ƙasa kaɗan da abin da na lissafa, ya ci buhu ɗaya da kusan rabi. Fenti ya cinye galan guda ya taɓa na biyu.

In an turo maka irin wannan hoto daga gida ana tambayar nawa za ka turo, ka nemi hoto uku kafin ka amsa: ɗaya daga ƙasa sak da takarda liƙe a gefen tabo, ɗaya da dare da tocila a kwance, ɗaya kuma daga kan rufi bayan kafinta ya hau.